Shekarar da aka haifi Ajuji

Bilki ce ta jawo maganar, ita ma ba da gangan ba. An ɗora mata aikin haɗa ɗan littafin zuriyar Malam Isiyaku na Rafindadi, wanda za a raba a taron zumunci bayan Babbar Sallah, don ita ce mai kwamfuta a gidan, kuma jami'a tana hutu. Ta gama jera sunaye, sai ta zo kan hoton Malam Abubakar, uban kakanta, wanda duk unguwa ta fi sani da Ajuji. A ƙarƙashin hoton baffanta ya ce ta rubuta: 1903 zuwa 2001.

Bayan La'asar ta sami kakanta Alhaji Lawal a zaure, ya miƙe ƙafa bisa buzu, rediyo na ta surutu ba mai saurare.

"Amarya, yau kuma da mi aka zo? In kuɗin cefane ne babu."

"Wa zai tambayi tsohon miji kuɗin cefane? Alhaji, shekarar haihuwar Baba Ajuji nake so ka tabbatar mini."

"Shekarar da Nasara suka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Wa bai san wannan ba? Da bakinshi ya faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In ka bi lissafin Hijira ya haura ɗari kafin ya cika."

"To ai a fasfonsa na Hajji 1910 na gani."

Alhaji ya kashe rediyon. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ta shiga turakarsa ta jawo adakar da ke ƙarƙashin gado, kuma ta yi a hankali, hannun adakar ɗaya ya karye.

Adakar na warin tsohuwar fata da ƙwayar maganin kyankyaso. A sama akwai rasiɗan haraji da aka soke su da zare, sai fasfon Hajjin 1975, sai wata takarda da aka ninke huɗu har ninkin ya fara tsagewa. Bilki ta buɗe ta. Takardar rantsuwar shekaru ce, an buga ta da tafireta, ga kan sarki manne a gefe. Ta karanta da ƙarfi: an haife shi ran 1 ga Janairu, 1920.

"Yanzu sun zama uku ke nan," in ji ta. "Mutum ɗaya, haihuwa uku."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ta ajiye ta gefe, ba ta da wani amfani. Lokacin da Baba zai kama aikin malamin haraji a En'e aka ce sai da takardar shekaru, akawu ya dube shi sama da ƙasa ya yanka masa abin da zai kai shi nesa kafin ritaya. Rabin mutanen zamanin nan ran 1 ga Janairu aka haife su, sai ka ce ungozomomin Katsina ranar kaɗai suke aiki. Na fasfo kuwa wani ɗan Hukumar Alhazai ne ya tambaye shi, ya ce shekarar Nasara, yaron bai san wace shekara ce ba, ya rubuta abin da ya zo masa.

"To ka ga takardu ba su da gaskiya. Bakin mutum ya fi."

Bilki ba ta yi musu ba. Ta dai tuna masa wani labari da shi da kansa yake ba su suna yara, na ranar da Sarki Dikko zai tafi Makka, gari ya fito kallo, Baba Ajuji bai iya hango komai ba sai da kawunsa ya ɗora shi a wuya.

"Haka aka yi. Har hularsa ta faɗi, ya yi ta kuka."

"Alhaji, 1921 Sarki Dikko ya yi wannan tafiya, wadda ya bi ta Ingila. In 1903 aka haifi Baba, shekararsa sha takwas ranar. Wane kawu ne zai ɗauki saurayi ɗan sha takwas a wuya, har ya yi kukan hula?"

Zauren ya yi tsit. A waje wani mai ruwa ya wuce yana kaɗa galan. Alhaji ya shafa gemu, ya ce to ai wannan labarin ya kashe takardar akawu ma, don jinjirin shekara ɗaya ba ya riƙe labarin hula. Ya faɗi haka ne kamar wanda ya ci rabin shari'a. Daga nan ya sa hannu can ƙasan adakar ya fito da gafaka.

Littafin Risala ne na Malam Isiyaku, rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, tsakanin fatu biyu da aka ɗaure da tsirkiya. Gara ta ɗan ci gefe ɗaya. Bilki ta ɗaga warƙa guda ta haska da fitilar waya, ta ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Alhaji ya ce irin takardar da fatake ke kawowa ta hamada ke nan, ta ajiye hasken nan kada ta ƙona masa ido.

A bayan warƙar farko akwai layi uku da baƙar tawada, da Larabci. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe wa Alhaji gani, karatu sai da dabara. Sai suka raba aikin: ita ta ɗauki hoto ta buɗa shi a waya har harafi ɗaya ya cika fuskar wayar, shi kuma ya karanta. A hankali ya fassara mata. An haifa wa Isiyaku ɗa namiji cikin Rajab, an sa masa suna Abubakar, a shekarar da Nasara suka shigo.

"Kin ji ko? Rubutun ubansa ne. Sai ki je ki gaya wa kwamfutarki."

"Ina shekarar? Ban ga lamba ba."

Nan fa Alhaji ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce malaman da ba lamba suke sawa ba, ramzi suke yi, kowane harafi da adadinsa. Ya nuna mata wata kalma a ƙarshen layi da aka ja wa jan layi a kai: shin, sin, kaf, alif. Bilki ta yi saurin dubawa a waya, ta haɗa, ta sami 381. Ta ce wannan ai ko kusa.

"Lissafin mutanen gabas kika ɗauko. Mu na Magariba muke bi, yadda muke bin rubutunsu. A wurinmu shin dubu ce, sin ɗari uku. Kaf ashirin, alif ɗaya. Nawa ke nan?"

"1321."

Ta ninka da 0.97 ta ƙara 622, yadda malaminsu na tarihi ya koya musu, sai ga 1903 ta fito. Rajab na shekarar kuwa ya faɗo wajen kaka ne. Alhaji ya miƙa hannu a ba shi littafinsa, fuskarsa fal murna. Gaskiya Bilki ta so ta bar shi haka. Tsoho ne, kuma ubansa ne. Amma wuyan kawun nan ya ƙi barin ta, kuma da tana juya warƙoƙin ta hangi wani rubutu a ƙarshen littafin, a gefe, da tawadar da ta koɗe ta koma ja-ja.

"Bari mu ga na baya, sai in mayar."

Wannan rubutun ya fi wuya. Hannun ɗaya ne, amma ƙanana, a matse, kamar mai tsimin takarda. Alhaji ya karanta layin farko sau biyu a zuci kafin ya buɗe baki. Da ya buɗe, muryarsa ta sauka.

"Abubakar ɗan Isiyaku ya rasu da ciwon agana, yana da shekara bakwai, a shekarar tauraruwa mai wutsiya. Allah ya sa mai ceto ne."

Ramzin ya ba da 1328. Bilki ta lissafa, 1910, shekarar da aka ga tauraruwar Halley. Ba ta ce komai ba, ta matsar da hoton zuwa layi na gaba. Sunaye biyu ne na 'yan mata, Hauwa da Rabi, kowace da haihuwarta da rasuwarta a layi ɗaya. Sai na ƙarshe. An haifa wa Isiyaku ɗa namiji cikin Sha'aban, a shekarar yunwa, ya mayar masa da sunan ɗan'uwansa Abubakar. Shin, sin, lam, ba.

"Lam talatin, ba biyu," Alhaji ya faɗa da kansa. "1332."

"Tsakiyar 1914 ke nan. Wajen Yuni ko Yuli."

"Kakalaba," in ji shi. Ya ce ita ce yunwar da tsofaffi ba sa son ambata, wadda ta biyo bayan damunar da ta ƙi, har mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. A tsakiyarta, rumbu wayam, sabon gero bai nuna ba, aka haifi ubansa.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Ajuji. Kai, Lawal, shekara tamanin kana kiran sunan nan." Bilki ta san ma'anar, amma ta bar shi ya faɗa. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa, in ta sake haihuwa, sai a kai jinjirin bisa juji a ajiye kamar ba a so, wata tsohuwa ta ɗauko shi, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Uku suka tafi kafin shi. Sunan na nan a bakin kowa, yara na kiran gidan da shi, direbobin Keke Napep ma da shi suke kwatance, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi su wa aka binne kafin a kai shi jujin.

"To shi Baba bai sani ba ne?"

Alhaji ya ce yana jin ya sani, bai kuma sani ba. Kakarsa Inna Ladi, wadda ya tarar da ita da rai, ba ta taɓa cewa tana da Abubakar biyu ba. In tana labarin zuwan Nasara takan ce, lokacin ina da cikin Garba. In tana labarin yunwa takan ce, lokacin ina goyon Garba. A wurinta yaron tafiya ya yi ya dawo. Wanda ya tashi yana jin haka daga bakin uwarsa, mi zai ce in an tambaye shi?

Aka kira Magariba a masallacin unguwa. Bilki ta fara jera warƙoƙin yadda ta same su, tana duba kalmar da ke ƙasan kowace don ta gane mai bi mata.

"In sa 1914 ke nan? Baffa zai yi faɗa. Ya riga ya gaya wa mai jawabi cewa Baba ya shekara ɗari da ɗaya."

"Tasa'in ne da lissafinmu, da na Bature tamanin da bakwai. Baffanki ya zo ya same ni." Ya laluba takalminsa da ƙafa. "Kuma 1903 ɗin kada ki goge ta. Ki buɗe wani gida a saman na Baba, ki sa Abubakar Babba, 1903 zuwa 1910. Ki sa Hauwa da Rabi a ƙarƙashinsa."

"Ba su da hoto, Alhaji. Kowa da hotonsa a shafin."

"Ki sa hoton rubutun ubansu."

Ya miƙe da kyar, ya dafa kafaɗarta har bakin ƙofa. Sai ya tsaya ya laluba aljihu, ya zaro 'yan kuɗi a dunƙule ya tura mata a hannu. Ya ce gobe Juma'a, ta sa a soya ƙosai a raba wa almajiran zauren Malam, ta ce sadakar mutum uku ce.

"Ashe dai akwai kuɗin cefanen," in ji Bilki.

"Miƙo mini butar nan, za a tada salla."