Auna fahimta, aji huɗu: Lambun Kaka a bakin Kogin Kaduna

Yara, ku karanta labarin nan sau biyu, da farko a zuci, sannan da murya tare da na kusa da ku. Kalmar da ta gagare ku, ku ja mata layi da fensir ku wuce. Sau da yawa jimlar da ke biye da ita za ta warware muku.

Labari

Damina ta wuce, hunturu ya kama. Ruwan Kogin Kaduna ya ja baya, ya bar fadama mai laushi a bayan Unguwar Rimi. A nan kakan Hadiza yake noman rani. Ran Asabar da la'asar ta kai masa fura, ta tarar da shi a durƙushe, hannuwansa duk taɓo.

"Sannu da aiki, Kaka."

"Yawwa, amaryata. Sai yanzu kika tuna da mijinki? Ajiye kwanon a inuwa, zo ki taya ni dashe."

Ya raba lambun fangali-fangali, kowanne da 'yar kunyarsa da ke tare ruwa. Ya ciro ɗan tsiron tumatir a hankali, da ƙasa manne a saiwarsa. Hadiza ta tona rami da tsinke, ta sa tsiron, ta danne gindinsa da yatsu biyu.

"Kaka, me ya sa ba ka yi dashen da rana tsaka ba?"

"Zafin rana zai sa ya yi yaushi. In muka dasa yanzu, zai kwana cikin sanyi, ya wayi gari da ƙarfinsa."

Ya tayar da injin ban ruwa. Tiyo ya kumbura, ruwa ya bi 'yar hanyarsa ya cika fangali na farko. Kaka ya toshe bakinsa da ƙasa, ya buɗe na biyu. Ya ce da yana yaro da jigo suke jan ruwa, guga bayan guga, har kafaɗa ta yi tsami.

Hadiza ta dubi kogin. "Daga ina ruwan nan yake zuwa?"

"Daga tsaunukan Filato, wajen Jos. In ya ratsa garinmu sai ya nufi Shiroro a Jihar Neja, inda aka yi madatsa ana samun lantarki, daga nan ya faɗa Kogin Kwara. Tafiyar kimanin kilomita 550 ke nan."

Da magariba ta gabato, ya cika mata kwando da latas da alayyafo, ya ce ta kai wa Inna, kada ta tsaya wasa a hanya.

Tambayoyi

A amsa da cikakkiyar jimla. Wanda ya rubuta mini "fura" kawai ya ajiye alƙalami, rabin maki zai samu.

1. A wane lokaci na shekara aka yi wannan labari?
2. Me Hadiza ta kai wa kakanta, kuma a ina ya ce ta ajiye?
3. Faɗi abubuwa uku da Hadiza ta yi wajen dashe, bi da bi yadda suka zo.
4. Ina Kogin Kaduna ya taso, kuma wane kogi yake faɗawa?

Yanzu sai kalmomi. Nan ne nake so ku daɗe, kada kowa ya yi gaggawa.

5. Mece ce fadama: ƙasa mai duwatsu, ko ƙasa mai danshi kusa da ruwa, ko filin ƙwallo? Wace magana a labarin ta nuna maka?
6. An ce kowane fangali yana da "kunya". Kunyar nan daidai take da wadda ake ji a gaban baƙo? Bayyana bambancin, ka yi jimla ɗaya da kowacce.
7. Ganye ya yi yaushi. Yaya za ka gan shi? Kana iya zana shi kusa da lafiyayyen ganye.
8. Kafaɗa ba lemo ba ce, to me Kaka yake nufi da "kafaɗa ta yi tsami"?
9. Nemo kishiyoyin waɗannan daga cikin labarin: zafi, tauri, buɗe.
10. Jam'in kogi shi ne koguna. Mene ne jam'in rami, kwando da tsauni? Ɗaya daga cikinsu yana cikin labarin.

Amsar biyun nan ba ta kwance a fili, sai an yi tunani.

11. Me ya sa Kaka ya kira jikarsa "amaryata"? Kakanninka suna yi maka irin wannan wasa? Me suke ce maka?
12. A ganinka, me zai hana Kaka shuka tumatir a wannan wuri a watan Agusta?

Aikin gida: ka tambayi wani dattijo a gidanku ko a unguwarku yadda jigo yake aiki. Ka rubuta abin da ya faɗa cikin jimla huɗu, ka kawo ran Litinin da safe.