Rahoton Fasa Rumbun Ajiya na Titin Argungu, Birnin Kebbi

Ranka ya daɗe Manaja,

Daren jiya Talata, misalin ƙarfe 2:40, ina zagaye na ji ƙarar ƙarfe a ƙofar baya. Da na haska tocila sai na ga mutum 3 sun ɓalle kwaɗo, ɗaya da buhu a kai. Na busa usur, na yi kururuwa, suka haura katanga suka gudu.

Da na ƙirga, buhun shinkafa 2 babu. Na uku na tsince shi a gindin katanga ya yage, shinkafa ta zube a ƙasa, ga takalmin roba ƙafa ɗaya a gefe. Ban taɓa komai ba har 'yan sanda suka iso da asuba.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin fitilar bayan nan mako 2 ke nan ba ta kamawa. Don Allah a gyara ta yau, a kuma sauya kwaɗon.

Naka,
Maigadin dare