Neman bayani kan takardun tantancewa kafin kama aiki

Zuwa ga Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,
Ofishin Gombe.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, barka da aiki.

Takardar ɗaukar aiki mai kwanan wata 3 ga Maris ta iso gare ni, wadda ta ba ni muƙamin jami'in lissafin kuɗi daga 14 ga Afrilu. Na gode ƙwarai, na kuma amince. Takardar ta ce sai an kammala tantance ni kafin a tabbatar da aikin, shi ya sa nake roƙon a sanar da ni takardun da zan kawo.

A hannuna akwai satifiket ɗin digiri na ATBU Bauchi, da na WAEC, da na kammala bautar ƙasa, da takardar NIN, da ta shaidar ɗan asalin ƙaramar hukumar Akko. Na ainihi zan kawo a gani, ko kwafi ya isa ta imel? In ana buƙatar cikakken sakamakon jarrabawar jami'a, a gaya mini da wuri, tunda makaranta ce ke aika shi.

Akwai abu biyu da gara in faɗa tun yanzu. An haife ni a Kumo a 1994, kafin a cire Gombe daga Bauchi a 1996, don haka takardar haihuwata Jihar Bauchi ta ce, sauran kuma Jihar Gombe. Wannan ba na jin zai zama matsala. Wanda ya fi damuna sunan mahaifina ne: a satifiket ɗin sakandare Mohammed aka rubuta, a NIN kuma Muhammad. Takardar rantsuwa daga kotu za ta wadatar, ko sai na haɗa da sanarwa a jarida?

Sai batun masu tsaya mini. Mutum nawa ake so, kuma dole ne su kasance ma'aikatan gwamnati masu wani mataki, ko hakimi da tsohon malamina za su yi? Akwai fom ɗinku da za su cike? Haka ma shaidar 'yan sanda da ta lafiya, ni zan nemo ko ofishinku?

Babban roƙona shi ne game da inda nake aiki yanzu a Bauchi. Ban miƙa takardar ajiye aiki ba tukuna, kuma notis ɗin wata ɗaya ne a kaina, wato dole in miƙa ta kafin 14 ga Maris. Don Allah kada a tuntuɓe su sai na sanar da shugabana da bakina. Ya riƙe ni da mutunci, bai kamata ya ji daga waje ba. In tantancewar za ta wuce wannan rana, a taimaka a ɗaga mini ranar kama aiki.

Ranar Juma'a zan shigo Gombe. In da hali, sai in biyo da takardun kafin masallaci.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Sabon jami'in lissafin kuɗi mai jiran kama aiki