Wasiƙa zuwa ga Alhaji Sani a kan abin da inshorar sitonsa ba ta biya

Garwa, 14 ga Janairu 2025

Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da iyali da kasuwa.

Ranar Alhamis da kuka zo ofis kuka sa hannu a takardar inshorar sitonku na atamfa da shadda, wadda mutanen nan suka fi kira asirans, na ji kuna ce wa ɗanku Musa, "To yanzu ko me ya faru kamfani zai biya." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ba haka abin yake ba. Takardar da Faransanci take, shafi 18 ce, kuma na san ba za ku zauna ku bi ta layi-layi ba. Shi ya sa na rubuto muku da Hausa wuraren da kamfani ba zai biya ba, da wuraren da zai biya amma ya tsaya a wata iyaka. Gara ku ji daga bakina yau da ku ji ranar da ba ma fata.

Abu biyu kuka saya: gobara, da sata ta hanyar fasa sito. Wa'adin daga 9 ga Janairu 2025 ne zuwa 8 ga Janairu 2026. Kayan da aka rubuta sefa 20,000,000 ne. Ginin ba ya ciki tunda haya kuke yi.

Zan fara da wannan miliyan 20 ɗin, domin ita ta fi damuna. Na tambaye ku darajar kayan, kuka ce a rubuta 20 saboda kuɗin shekara ya yi sauƙi. Amma da na shiga siton na ga dilolin shadda jere har kusa da rufi, kuma ku da kanku kun ce kafin azumi kaya kan kai miliyan 30. Azumin bana bai kai wata biyu ba. Dokar inshora ta CIMA, wadda Kamaru da Chadi da wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suke aiki da ita tun 1995, ta ce a sashe na 35 idan darajar kaya ranar asara ta fi abin da aka rubuta, mai kaya shi ke ɗauke da ragowar a wuyansa, sai dai in an yi wata yarjejeniya dabam. Taku ba a yi ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa muddin asarar ba ta kai miliyan 20 ba za a biya su duka. Ga yadda lissafin yake. A ce, Allah ya kiyaye, wuta ta ci kayan miliyan 12 a ranar da sito ke ɗauke da na miliyan 30. Kun yi wa kashi biyu cikin uku inshora, don haka kashi biyu cikin uku na asarar za a lissafa, wato 8,000,000. Daga nan a cire abin da ake kira faranshis, kason da mai kaya ke ɗauka da kansa a kowace asara. Naku kashi 10 cikin 100 ne, kuma ba ya yin ƙasa da 250,000. An cire 800,000 ke nan, ku karɓi 7,200,000 a kan asarar 12,000,000. Sauran 4,800,000 daga aljihunku. Ƙaramar asara kuwa, wadda ba ta kai 250,000 ba, ba za a biya ko sisi ba.

Shawarata ita ce ku ɗaga adadin zuwa 30,000,000 kafin kayan Sallah su sauka. Kuɗin shekara zai ƙaru, amma ƙarin bai kama ƙafar abin da za ku rasa ba.

Sannan farashin da ake biya shi ne na sari, yadda kaya suka tsaya muku a ranar asara. Ribar da za ku ci da kun sayar ba ta ciki. Haka cinikin watannin da sito zai zauna a rufe, da bashin da ke cikin littafin da ya ƙone, da haya da albashin yara na wannan lokacin. Kuma masanin da kamfani zai turo ya ƙiyasta asara, takarda yake nema: rasit na sari, takardun kwastan, littafin shigar kaya da fitarsu. Na ga littafinku a cikin durowar teburin da ke siton. Wutar da ta ci shadda ba za ta bar littafi ba. Ku sa Musa ya riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya duk Juma'a, rasit kuma a ajiye su a gida. Kayan da suka shigo ta bayan fage ba tare da takardar kwastan ba, takardarku ta fitar da su ƙarara.

Sai maganar fetur. A bayan ƙofar siton na ga jarka biyu masu lita 25, Musa ya ce na janareto ne da na babur, zuwa-zuwa ne da ake saye a bakin titi. Takardarku a shafi na 7 ta yarda da lita 20 kawai, kuma a wajen ɗakin kaya. A takardar tambayoyin da muka cike an amsa cewa babu mai a cikin sito. In wuta ta tashi aka tarar da jarkokin nan, kamfani na da hujjar rage kuɗi, in kuma ya tabbatar da gangan aka ɓoye, yana iya rushe yarjejeniyar gaba ɗaya ya kuma riƙe kuɗin da kuka biya. Don Allah a fitar da su yau, musamman da hunturun nan da komai ya bushe. Duk wani canji da ke ƙara hatsari, kamar mai walda ya kama shagon da ke jikin bangonku, ko ku fara ajiye katifu ko turare, doka ta ba ku kwana 15 daga ranar da kuka sani ku sanar da mu a rubuce.

Wutar lantarki ma tana da nata. In waya ta haɗu ta tayar da gobara har kaya suka ƙone, wannan gobara ce, za a biya. In kuwa an ɗauke wuta ne aka dawo da ita da ƙarfi ta lalata fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba tare da wuta ta kama ba, ba ya ciki.

Ruwa ba ya ciki sam, ban da ruwan 'yan kwana-kwana da ya jiƙa kaya wajen kashe gobara. Kun tuna ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ta cika ta shiga gidaje a nan Garwa da ƙauyukan da ke ƙasan madatsar Lagdo. Irin wannan ba a biya a takardarku. Ruwan Agusta da zai bi ta kwanon da ya huje ya ɓata turame ma haka, da ɓarnar gara da ɓera, da shaddar da ta koɗe don daɗewa. Abin da zan iya cewa a nan shi ne a ɗora diloli a kan katako, a duba rufin kafin damina.

Yaƙi, da tarzoma, da boren jama'a, sashe na 38 na dokar ya ce kamfani ba ya ɗaukarsu sai an yi yarjejeniya ta musamman. Takardarku ta ƙara da harin ta'addanci. Ma'ana in zanga-zanga ta ɓarke a kasuwa aka cinna wa shaguna wuta ko aka wawashe su, ba za a ɗauke ta a matsayin gobara ko sata irin wadda kuka saya ba. Akwai ƙarin da ake saya domin tarzoma, in kuna so in tambayo muku kuɗinsa.

Ɓangaren sata ya fi na gobara ƙunci. Iyakarsa 5,000,000 ce a kowace sata, ko da ɓarayi sun kwashe siton kaf. Kuma sai an ga alamar fasawa, kamar karyayyen kwaɗo, ko bango da aka huda, ko kwano da aka yaye, ko kuma an far wa mai gadi da makami. Turmi uku da suka ɓace da rana ana cikin ciniki ba sa ciki. Abin da yaron shago ko ɗan gida ya ɗauka ba ya ciki, haka wanda aka buɗe da makullin da aka manta a jikin ƙofa. An kuma gindaya muku sharaɗin kwaɗo biyu a ƙofar ƙarfe da mai gadi daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Daren da mai gadi ya tafi biki ƙauye ba a sa wani a madadinsa ba, in aka yi sata kamfani zai iya ƙin biya. Tsabar kuɗi a durowa babu su a ciki. In a akwatin ƙarfe ne da aka kafe a bango, ana biya har 500,000.

Inshorar ta tsaya ne a wannan sito kaɗai, wanda aka rubuta adireshinsa. Kayan da ke kan mota daga Kano ko Yola, ko waɗanda jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundere suna jiran tirela, ba sa ciki sai sun shiga ƙofa. Rumfarku ta cikin babbar kasuwa ba ta ciki. Na kuma san abokan kasuwa kan bar muku ajiya, kun ce ko yanzu akwai dila huɗu na wani mutumin Gidar. Ajiyar mutane ba a rubuta ta ba, don haka in ta ƙone tsakaninku da mai ita ne. In wuta ta tashi daga wurinku ta shiga shagunan maƙwabta, ko ta lalata ginin mai gida, kamfani zai tsaya muku har 10,000,000 gaba ɗaya. A layinku shago ɗaya ma zai iya cinye wannan.

In wani abu ya faru, lokaci yana da muhimmanci. Gobara, ku sanar da mu cikin kwanakin aiki 5. Sata kuwa awa 48 ne, tare da takardar ƙara daga 'yan sanda ko jandarma. Ku kira ni ko da tsakar dare ne, amma kira kaɗai bai isa ba, sai an kawo a rubuce an buga hatimi a kwafinku. Kada a share wurin ko a sayar da ragowar kaya kafin masanin ya zo. Kuma ranar 8 ga Janairu mai zuwa, in ba a biya kuɗin sabuntawa ba kada ku ɗauka akwai inshora a kanku. Ƙa'idar sashe na 13 na dokar CIMA ita ce sai kuɗi sun shiga inshora take fara aiki, sanayya da alƙawarin baki ba sa tsaya mata.

Ku ma kuna da haƙƙi, kuma ina so ku san shi. Doka ta ce duk sharaɗin da ke hana biya sai an rubuta shi da haruffa masu fitowa sarai a cikin takarda, in ba haka ba ba ya aiki. Naku suna shafi na 6 zuwa na 9 da baƙin rubutu mai kauri, na ja musu layi da jan biro a kwafin da na haɗo da wannan wasiƙa. Wasiƙar bayani ce kawai, abin da ke cikin takardar da kuka sa wa hannu shi ne hujja. Ku ba Musa ya karanta muku shafukan nan huɗu, duk inda ya ga ya saɓa da abin da na faɗa ya yi alama.

Zan biyo ta siton ranar Litinin bayan la'asar in Allah ya kai mu, da takardar ƙarin adadin kaya da farashin ƙarin tarzoma. Ina fatan in tarar an fitar da jarkokin. A gaida Hajiya da yara.

Naku,
Ibrahim
Wakilin kamfani, reshen Garwa