Sashe na 7: Tabbacin Cewa Fassarar Aikin Mutum Ce

Mai fassara ya tabbatar da cewa littafin jagorar ma'aikatan lafiya mai shafi 48, wanda zai miƙa daga Turanci zuwa Hausa, shi ya fassara shi da hannunsa da basirarsa, tun daga daftarin farko har gyaran ƙarshe. Bai zuba ko jimla ɗaya cikin manhajar fassara ko ta ƙirƙirarriyar basira ba, balle ya goge abin da na'ura ta fitar ya ce nasa ne. Duba ƙamus da manhajar gyaran rubutu bai shiga wannan hani ba.

Zai adana daftarorinsa tsawon wata 6, ya nuna su duk sanda mai aikin ya nema. In aka tabbatar ya saɓa, zai mayar da kuɗin shafukan da abin ya shafa cikin kwana 14.