Takardar gyaran magani: dattijuwar gado na 12, ɗakin jinyar mata

Likita, sannu da aiki. Na duba katin wannan baiwar Allah yau Laraba da safe bayan fitowar sakamakon jini, kuma akwai gyaran da nake roƙon a yi kafin lokacin allurar ƙarfe 2 na rana.

Shekarunta 78, nauyinta kilo 52 a awon da aka yi ranar Litinin da aka kwantar da ita da ciwon mafitsara da ya hau zuwa ƙoda. An fara mata ko-amoksikilaf giram 1.2 ta jijiya duk awa 8, da jentamaisin miligiram 260 sau ɗaya a rana, ta karɓi biyu. Tana kuma kan magungunanta na gida: lisinofiril, furosemaid da metfomin, sai daikulofinak da take sha saboda gwiwa. Zazzaɓi ya sauka tun jiya da yamma, hawan jininta ya daidaita, ta fara cin abinci kaɗan. Amma kiriyatinin ɗinta ya tashi daga 88 ranar Litinin zuwa 168 yau, kuma masu jinya sun rubuta cewa fitsari ya ragu cikin dare.

Ga lissafin aikin ƙodarta da na yi da ƙa'idar da ake daidaita yawancin magunguna da ita tun 1976:

```
CrCl = (140 − 78) × 52 × 1.04 / 168 ≈ 20 mL/min
```

Idan ka sa 88 a wurin 168, amsar 38 ce. Ma'ana tun ranar da ta zo, lokacin da sakamakon ya fito ba tare da jan layi ba, ƙodarta ba ta kai rabin ta mai ƙuruciya ba. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, wannan dattijuwa kuwa tsokarta ta zube, shi ya sa lambar ke fitowa da kyau alhali ƙodar tana jan ƙafa. Haka ma `eGFR` da ke kan allo: an daidaita shi da jikin mutum matsakaici, ita kuwa ƙaramar mace ce, don haka yana ba ta fiye da abin da take da shi. Ko 20 ɗin ma ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, domin ƙa'idar tana aiki ne idan kiriyatinin ya tsaya wuri ɗaya. Nata hawa yake yi, ke nan ainihin aikin ƙodar yau yana iya zama ƙasa da haka.

Abin da ya fi damuna shi ne jentamaisin. A tsayar da shi, kada a yi na yau. Ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi, kuma yana taruwa a cikinta yana ƙara lalata ta, ga furosemaid a gefe da ke ƙara haɗarin illa ga kunne. Ƙoda sau da yawa takan farfaɗo bayan an janye shi. Ji da daidaiton tafiya ba kullum suke dawowa ba, kuma mace mai shekara 78 da jiri ya kama, faɗuwa da karaya ne ke gabanta. Ya riga ya yi aikin da aka sa shi a kwana biyun farko. Sakamakon shukar fitsari ya nuna `E. coli` da ke jin ko-amoksikilaf, saboda haka babu dalilin riƙe magani biyu. Ina so a ɗebi jini yau a auna abin da ya rage a jikinta, a kuma tambaye ta ko tana jin ƙara a kunne ko ƙasa na juya mata. Idan wani ya ga buƙatar mayar da shi nan gaba, a yi magana da ni tukuna, kuma ba za a yi ba sai awon ya sauka ƙasa da miligiram 1 a lita.

Ko-amoksikilaf kuwa a ci gaba da shi, a rage. Ga mai aikin ƙoda tsakanin 10 da 30, bayan cikakken kashin farko, wanda ta daɗe da samu, abin da za a shigar shi ne:

```
Co-amoxiclav 600 mg IV every 12 hours
```

Da shekaranjiya ce, tana cikin zafin ciwo, da ban ce a rage ba. A awa 48 na farko na ciwo mai tsanani, ƙarancin magani irin wannan ya fi yawansa haɗari, kuma ƙodar da ta ja baya saboda rashin ruwa takan dawo da wuri. Yanzu kwana na uku ne, ciwon na lafawa, ƙodar ce ke ƙara ja da baya. Idan aka bar shi duk awa 8 zai taru, kuma a tsofaffi taruwar dangin fenisilin na kawo ruɗewa da fizgar gaɓoɓi, wani lokaci har farfaɗiya. Irin wannan ruɗewar ce ake yawan cewa “ai tsufa ne”, a wuce.

Ina roƙon kada wannan ragin ya zama an rubuta an manta. A nauyinta da shekarunta, lissafin zai haura 30 da zarar kiriyatinin ya sauko ƙasa da 112. Ranar da aka ga haka, a mayar da ita giram 1.2 duk awa 8, in ba haka ba za mu bar ta da kashi ɗaya bisa uku na magani a jikin da ke fitar da shi da sauri, ciwon ya dawo. Idan kuma ya haura 335, lissafin ya faɗi ƙasa da 10, sai miligiram 600 sau ɗaya a awa 24, kuma tun kafin a kai nan ya kamata likitocin ƙoda su gan ta. Idan zazzaɓi ya dawo ko hawan jininta ya faɗi, seftirayazon ya fi sauƙi a halin da take ciki, domin hanta na taya ƙoda fitar da shi, ba ya buƙatar ragi a 20.

Lokacin komawa maganin sha, miligiram 625 duk awa 12 idan har tana ƙasa da 30, kuma ban da babbar ƙwayar nan mai amoksisilin 875. Naitirofurantoyin bai dace ba ko da takardar shuka ta nuna ƙwayar cutar na jin sa: ba ya isa naman ƙoda, kuma ƙasa da 45 ba ya taruwa sosai a fitsari. Tirimetofirim na ɗaga fotasiyam, haɗa shi da lisinofiril a wannan ƙodar ganganci ne. Sifurofuloksasin sai in babu makawa, a kashi ragagge, saboda ruɗewa da tsinkewar agara da yake jawo wa tsofaffi.

Sauran magungunan ma sai an taɓa su, domin gyaran ba zai yi amfani ba idan suna ci gaba da matse ƙodar. Daikulofinak a daina kwatakwata, a ba ta farasitamol, kada ya wuce giram 3 a rana. Lisinofiril a dakatar. Metfomin ma haka, tunda ba a ba da shi ƙasa da 30, a riƙa auna sukarinta sau huɗu a rana. Furosemaid na bar maka ka yanke bayan ka duba ƙirjinta da ƙafafunta. Harshenta a bushe na gan shi.

Kullum da safe a auna kiriyatinin da fotasiyam. Masu jinya su riƙa rubuta fitsari. Idan ya gaza milita 26 a awa har na tsawon awa 6, a kira ka. 'Yarta ta ce akwai wasu ƙwayoyin ciwon gwiwa a jakar uwar, na roƙe ta ta kawo mini su in gani, na kuma yi mata bayanin dalilin da ya sa kada a ba ta ko ɗaya.

Zan dawo gobe Alhamis ƙarfe 9 in sake lissafin da sabon sakamako.

Mai harhaɗa magunguna, ɗakin jinyar mata