Sakatar Ƙyaure

An ɗauke wuta karo na uku da misalin ƙarfe 9 na dare, a daidai lokacin da mahaifiyar Habibu ta fita tsakar gida domin ta zare sakatar babban ƙyaure, saboda maigidan ya kira ya ce yana kan hanya da babur. Ta ja sakatar da hannu ɗaya, ta sake ja da hannu biyu, amma ko motsi ba ta yi ba.

"Habibu, ɗauko mini guduma," in ji ta. Da guduma mahaifinsa ya saba lallaɓa sakatar tun makonni uku da suka wuce, har kan mariƙinta ya fara lanƙwashewa.

Habibu, wanda shekarunsa 12, ya kawo gudumar, amma bai miƙa ta ba. Ya ce, "Umma, ki ba ni dama in duba tukuna, domin idan mariƙin ya karye, sai an kira mai walda kafin Baba ya shigo." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta matsa gefe, ta ba ƙanwarsa Zainab tocila ta haska masa.

Batirin tocilar ya yi sanyi, haskenta ya koma ja, don haka yaron ya fi dogara da yatsunsa. Ya shafa saman sakatar ya ji kaushin tsatsa, ya shafa ƙasanta kusa da ramin da take shiga a jikin ginshiƙi, sai ya ji wurin da santsi kamar an goge shi. Wannan ya tsayar da shi. Idan tsatsa ce kawai ta riƙe ƙarfen, ai ko'ina zai yi kaushi, amma santsin da ke gefe ɗaya yana nuna cewa ƙarfe yana gugar ƙarfe a nan, kuma da nauyi. Ya durƙusa ya lalubi ƙasa, ya tarar da wani zane mai lanƙwasa a kan siminti, inda gindin ƙyauren yake ja duk lokacin da aka buɗe shi.

"Yaya, me kake nema a ƙasa?" Zainab ta tambaya.

"Ƙyauren ne ya sauka," ya amsa mata. "Duk nauyinsa yana kan sakatar."

Ana cikin haka aka kawo wuta, ƙwan tsakar gida ya haska, kuma kafin a sake ɗaukewa bayan minti biyu ko uku, Habibu ya ga abin da yake zato: notin da ke riƙe da ƙarfen sama na ƙyauren ya kwance, har zaren ƙusar ya fito fili kamar faɗin ɗan yatsa. Duhu ya dawo, amma ya riga ya san inda zai sa hannu.

Ya jawo rabin bulo ya ajiye kusa da gindin ƙyauren, ya ɗora wani katako a kai, ya cusa bakinsa a ƙarƙashin ƙarfen. Ya roƙi mahaifiyarsa ta taka ɗaya bakin a hankali. Ƙyauren ya yi ƙara ya ɗaga kaɗan, sai Habibu ya sa yatsa biyu ya ja sakatar, ta zaro ba tare da wata gardama ba. Zainab ta yi tsalle har tocilar ta kusa faɗuwa.

"To, a bar shi haka, gobe a gyara," in ji mahaifiyar.

Habibu bai yarda ba, domin ya san cewa da zarar an sake kullewa, matsalar za ta dawo da asuba. Ya ce ta ci gaba da taka katakon, ya hau kujera da sifanar babur ɗin mahaifinsa, ya ɗaure notin yana lissafa juyi da baki har ya ji ya cije. Daga nan ya jiƙa tsumma da ɗan kananzir ya goge tsatsar, ya bar ƙarfen ya sha iska, ya goga masa guntun kyandir, saboda kakinsa ba ya tara ƙura yadda baƙin mai yake yi. Ya tura sakatar, ya zare, ya sake turawa har sau biyar yana saurare.

Hasken babur ya ratso ta ƙarƙashin ƙyauren. Daga waje mahaifin ya ɗaga murya ya ce, "A ɗauko guduma, a buga daga ƙasa."

Habibu ya dubi ƙanwarsa ya ce ta buɗe. Zainab ta ɗaga ƙafa ta kama mariƙin da hannunta na hagu, ta zare sakatar, ƙyauren ya buɗe bai taɓa siminti ba. Mahaifin ya turo babur ɗin ciki, ya dawo ya gwada sakatar da kansa sau biyu, sa'an nan ya haska fuskokinsu da wayarsa ɗaya bayan ɗaya, har hasken ya tsaya a kan hannuwan Habibu da suka yi ja da tsatsa.

"Nuna mini inda ka taɓa," ya ce, ya miƙa wa yaron wayar.